Hasken da ya fito a hoton PET ɗin Alhaji

Yadda abin ya faro: Janairu zuwa Maris

Mutumin nan ɗan shekara 58 ne, ɗan kasuwar hatsi, zan riƙa kiransa Alhaji kawai. Yana da ciwon suga kusan shekara tara, yana shan metfomin da gilibenkilamaid, kuma ya sha taba sama da shekara ashirin kafin ya bari bayan ya dawo daga Hajji. Tari ya kama shi a cikin Janairu lokacin hunturu, kowa a gida ya ce ai ƙura ce, mutumin da yake wuni cikin buhunan masara da gero dole ya yi tari. Hunturu ya wuce tarin bai wuce ba. Nauyinsa ya sauka daga kilo 72 zuwa 65, abinci baya masa daɗi, da daddare kuma yana jiƙa riga da gumi, amma da yake zafi ya fara shigowa sai ya ɗora laifin a kan zafi da rashin wuta.

Kafin ya iso wajenmu a asibiti ya sha magani kala biyu daga kemis. Na farko bai yi masa komai ba. Na biyun, lebofuloksasin, ya sha kwana goma kuma ya ji sauƙi sosai, tarin ya lafa, har ya koma kasuwa, bayan sati uku abin ya dawo. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

A ƙarshen Maris aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga wata inuwa a saman huhun dama. Aka karɓi kaki sau biyu aka duba a madubin gwaji ba a ga ƙwayar tibi ba, aka sa a GeneXpert, na'urar gwajin tibi, shi ma ya ce babu. Na duba robar da ya kawo daga baya a ɗakin gwaji, gaskiya yawancin abin da ke ciki miyau ne, don tarin nasa busasshe ne baya fitar da kaki sosai, amma a lokacin an riga an rubuta a katinsa cewa ba tibi ba ne.

Afrilu: hoton CT da shawarar tafiya

Hoton CT ya nuna ƙullutu mai faɗin santimita 3.2 a saman huhun dama, gefensa ba sumul ba, yana da wasu 'yan tsinke-tsinke da suka miƙa cikin huhu, sannan kaluluwar tsakiyar ƙirji sun ɗan kumbura. Dattijo, tsohon mai shan taba, yana rama, ga ƙullutu mai irin wannan siffa, ga gwajin tibi ya ce babu. Duk likitan da ya ga wannan zai fara tunanin kansar huhu, kuma ba laifi ba ne ya yi tunanin.

Babban ɗansa ne ke riƙe da takardu, yaro mai ƙoƙari ƙwarai, shi ya ce zasu kai Baba Alƙahira a yi masa hoton PET tunda ya ji ance shi ne hoton da baya ɓoye kansa. Mun ba da shawarar a fara ɗebo tsoka a gwada a nan gida, amma Alhaji da ya ji ana maganar soka allura ta ƙirji ya ce a'a, a bari a ga hoton tukuna. Suka sayar da abin da suka sayar suka tafi.

Mayu: ranar ɗaukar hoton

Ranar farko ba a ma yi ba. An ce ya zo ba tare da ya ci komai ba na awa shida, ya kiyaye, amma da aka gwada sugansa sai aka samu 14, su kuma galibi basa son ya wuce 11 a ma'aunin mmol/L, sai suka ce ya koma a gyara sugan ya dawo bayan kwana biyu. Ɗan ya kira ni ransa a ɓace yana cewa Likita kuɗin masauki fa tafiya yake, meye haɗin suga da hoto? To haɗin shi ne gaba ɗaya hoton a kan suga aka gina shi.

Abin da ake yi wa mutum allurarsa kafin a shiga na'urar sunansa FDG. Gulukos ne, irin sugan da jiki ke ƙonawa, amma an cire masa wani ɗan ɓangare an maye gurbinsa da fulorin-18 mai fitar da radiyeshan. Ƙwayoyin halittar jiki basa bambance shi da sugan gaske a bakin ƙofa, suna janye shi ciki, su yi masa matakin farko na sarrafawa, daga nan sai ya maƙale, ba ya ƙonuwa kuma ba ya fita da sauƙi. Duk inda ake cin suga da yawa nan zai taru, na'urar kuma tana ƙirga hasken da ke fitowa daga inda ya taru ɗin. Idan jinin mutum cike yake da sugan gaske to za su yi ta gasa a bakin ƙofar, na allurar ya kasa shiga yadda ya kamata, hoton ya fito dishi-dishi. Shi ya sa aka mayar da Alhaji. Kuma ƙarfin fulorin ɗin yana raguwa da rabi duk bayan minti 110 ko kusa da haka, don haka ba abu ne da ake ajiyewa a kabad ba, a ranar ake haɗa shi, wannan na cikin dalilan da suka sa hoton ke da tsada kuma ba ko'ina ake yinsa ba.

Ya koma sugansa yana 7.8. Aka yi masa allurar, aka kwantar da shi a wani ɗaki shiru na awa ɗaya, aka ce kar ya yi surutu, kar ya yi ta motsi, kar ma ya tauna komai, saboda tsokar da ta yi aiki ita ma tana jan sugan ta yi haske. Ɗan ya ce min Baba ya so ya ja carbi da ƙarfi aka roƙe shi ya yi a zuci. Sannan ya yi fitsari aka shigar da shi na'urar, wajen minti ashirin da wani abu.

Abin da hoton ya nuna

Da daddare ɗan ya turo min hotunan a waya, yana rubutu hannunsa na rawa, don ana gani a rubutun. Ya ce Likita duk jikin Baba ya kama, har ƙwaƙwalwa, har mara, har hanji. A hoton farko mai nuna mutum a tsaye wuraren da suka ja sugan baƙi ƙirin suke fitowa, a wanda aka haɗa da CT kuma kamar garwashi, ja da ruwan ɗorawa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaƙwalwar kowa tana yin wannan hasken domin suga ne abincinta dare da rana. Ƙoda da mafitsara suna haske saboda ta fitsari maganin ke fita. Zuciya wani lokaci ta yi wani lokaci ta ƙi. Hanjin kuwa metfomin da Baba ke sha ne, sananne ne yana sa hanji ya ja FDG sosai. Duk waɗannan ba ciwo ba ne.

Wurare uku ne suka rage waɗanda bai kamata su yi haske ba, kuma kowanne an rubuta masa lamba a rahoton, SUVmax. Ƙullutun huhun 9.4, kaluluwar tsakiyar ƙirji 6.1, sai wata kaluluwa ƙarama a saman ƙashin wuya na dama, a ɗan kwarmin nan, 5.3. Ma'anar lambar mai sauƙi ce: da a ce maganin ya bazu daidai wa daida a duk jiki, ko'ina zai ba da 1. To 9.4 na nufin wurin ya tara kusan ninki tara na wannan. An daɗe ana amfani da 2.5 a matsayin iyaka a ƙullutun huhu, wai abin da ya haura haka a yi zargin kansa, ɗan kuma ya riga ya karanta wannan a waya, ya ga 9.4, ya gama yanke hukunci a ransa.

Rahoton da kansa bai ce kansa ce ba. Cewa ya yi abin yana da kama da kansar huhu da ta bazu zuwa kaluluwa, kuma ana ba da shawarar a ɗebi tsoka a tabbatar. Wannan layin na ƙarshe babu wanda ya karanta shi da kyau a cikin dangi. Idan da kansa ce, haske a kaluluwar saman ƙashin wuya yana kai ta mataki na uku, wanda yawanci ba a yin tiyata, sai kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, da gashin radiyeshan, kuma labarin da ya iso gida ke nan, Alhaji na da kansa mataki na uku. An faɗa musu can ma cewa sai an yi gwajin tsoka kafin a fara komai, guzuri ya ƙare, suka dawo.

Me ya sa kansa ke haske, me ya sa ba ita kaɗai ba

Ranar da suka zo da takardun Alhaji ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce Likita faɗa min gaskiya, kwana nawa ya rage. Na ce ranka ya daɗe ban san ma ko kansa ce ba tukuna. Ɗan ya ce amma Likita hoton ya nuna. Sai na yi musu bayani da abin da Alhaji ya fi kowa sani. Na ce idan ka zo rumbu da safe ka tarar hatsi ya ragu sosai, ka san an ci, amma raguwar kaɗai ba zata faɗa maka ɓera ne ko gara ko ɓarawo ko kuwa masu gadin da ka ɗauka ne suka dafa ba. Hoton nan inda ake cin suga yake nunawa, baya nuna mai cin.

Kansa tana cin suga da haɗama, wannan tun shekarun 1920 masanin kimiyya Otto Warburg ya lura da shi a Jamus, ƙwayoyinta suna ƙara yawan ƙofofin shigar suga kuma suna ƙona shi ta hanyar ɓarna, su ci da yawa su samu ƙarfi kaɗan. A kan wannan aka gina amfani da PET wajen kansa, kuma yana aiki ƙwarai wajen gano inda ta bazu. Amma sojojin jiki, fararen ƙwayoyin jini, idan suka tashi yaƙi su ma haka suke yi, suna buɗe ƙofofin su yi ta zuƙar suga. Tibi kuwa aikinta ke nan, jiki yana tara waɗannan sojoji su kewaye ƙwayar cutar su yi mata katanga, su dunƙule su zama ƙullutu, kuma suna nan a farke wata da watanni suna ci. A hoto wannan ƙullutun yana iya ba da 5, yana iya ba da 10, yana iya wuce haka, daidai da kansa, kuma tibi ma tana bin kaluluwa kamar yadda kansa ke bi. An gwada dabarar sake ɗaukar hoton bayan awa biyu a ga ko hasken zai ƙaru ko zai ragu, amma tibi mai rai ita ma ƙaruwa take yi sau da yawa, don haka bata raba gardama.

Ba tibi kaɗai ba, ƙurji mai ruwa, namoniyar da bata gama warkewa ba, cutar fangas, wurin da aka yi tiyata kwanan nan, har haƙori mai ciwo, duk suna haske. Ta ɗaya gefen kuma akwai kansar da bata cika haske ba, irin mai girma a hankali, ko ƙullutun da bai kai milimita takwas ba wanda ya yi wa na'urar ƙanƙanta. Iyakar nan ta 2.5 ta fi amfani a ƙasashen da tibi ta yi ƙaranci. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tibi, mai ciwon suga kuma haɗarin kamuwarsa ya ninka na sauran mutane wajen sau biyu zuwa uku. Lamba ɗaya ce, amma nauyinta a kan mutumin da ya fito daga nan daban ne.

Yuni: gwajin tsoka, na farko ya faɗi

Abu ɗaya mai amfani ƙwarai da hoton ya yi mana shi ne ya nuna kaluluwar wuyan nan, wadda da hannu da ƙyar ake jinta, kuma ta fi huhu sauƙin kaiwa. Aka fara da siririyar allura aka zuƙo, sakamako ya dawo bayan kwana shida cewa matattun ƙwayoyi ne kawai da jini, ba za a iya cewa komai ba. Dangi suka fara gajiya, wani ƙanin Alhaji ya ce a daina wahalar da shi a fara kemo kawai tunda hoto ya nuna, wani kuma ya kawo maganin gargajiya. Likitan kansar da muka tura su wajensa ya ƙi fara komai ba tare da sakamakon tsoka ba, kuma ya yi daidai, domin kemo yana karya garkuwar jiki, idan aka ba mai tibi wanda ba ya shan maganinta cutar na iya watsuwa ko'ina har ƙwaƙwalwa.

Sai aka yi ƙaramar tiyata aka ciro kaluluwar gaba ɗaya. A nan akwai wani ɗan abu da ake yawan kuskurewa: idan aka jefa duk tsokar cikin ruwan fomalin to ƙwayoyin cuta sun mutu, ba za a iya shuka su su girma a ɗakin gwaji ba kuma gwajin tibi ya lalace ko ya raunana. Don haka na je da kaina na roƙi a raba ta biyu, rabi a fomalin don masu duba tsoka, rabi a ruwan gishirin asibiti don gwajin tibi. Da likitan tiyatar ya tsaga ta, cikinta fari ne mai ɗan rawaya, yana marmashewa kamar cuku, ya ɗago kai ya kalle ni bai ce komai ba.

Washegari GeneXpert ya fito:

```
MTB DETECTED LOW
Rif Resistance NOT DETECTED
```

Wato akwai ƙwayar tibi, kuma bata bijire wa rifamfisin ba, ɗaya daga cikin manyan magungunanta. Bayan kwana goma masu duba tsoka suka tabbatar, irin katangar nan ce ta sojojin jiki mai mataccen tsakiya, babu ƙwayar kansa ko ɗaya. Gwajin HIV ya nuna ba shi da ita.

Gida ya ɗauki murna, amma mu bamu gama ba. Samun tibi a wuya bai tabbatar da cewa abin da ke cikin huhun ma tibi ne ba, mutum na iya ɗauke da su biyun a lokaci guda, musamman wanda ya sha taba shekara ashirin. Na ce Alhaji, allurar nan da ka guje wa a Afrilu har yanzu tana nan tana jira. Ya yi shiru, ya ce to Likita tunda an zo nan a ƙarasa. Aka soka allura ta ƙirji ana kallo a CT aka ɗebo daga ƙullutun, iska ta ɗan taru a gefen huhun, aka kwantar da shi kwana ɗaya ta baje da kanta. Sakamako iri ɗaya da na wuya.

Yuli zuwa Disamba: magani

An fara masa maganin tibi a cibiyar DOTS kyauta, nauyinsa lokacin kilo 64, ƙwaya huɗu kullum da safe kafin ya ci abinci. Wata biyun farko haɗin magani huɗu ne, rifamfisin, aizoniyazid, firazinamaid da etambutol, sannan wata huɗu na biyun farko kawai. Aka ƙara masa bitamin B6 don kare jijiyoyin ƙafa tunda mai suga ne. Mun faɗa masa tun farko fitsarinsa zai koma ja-ja, kar ya tsorata.

Matsala biyu aka samu. Ta farko sugansa ya hau a sati na uku, domin rifamfisin yana sa hanta ta yi saurin narkar da gilibenkilamaid, sai aka mayar da shi kan insulin na tsawon lokacin maganin. Ta biyu ita ta fi tayar da hankali, a sati na shida wata kaluluwa kusa da inda aka yi tiyatar ta kumbura ta yi kamar ƙwan zabo, ɗan ya kira ni da asuba yana cewa kansar ce ta fito fili. Amma Alhaji a lokacin gumin dare ya tsaya, yana cin tuwo har yana neman ƙari, ya ƙaru da kilo biyu. Irin wannan kumburin yana faruwa a tibin kaluluwa bayan an fara magani, garkuwar jiki ce ke farfaɗowa tana faɗa da gawarwakin ƙwayoyin cutar. Muka zuƙe ruwan da ke ciki, ba a canza magani ba, cikin wata guda ta sace.

CT na ƙarshen wata biyu ya nuna ƙullutun ya sauko daga 3.2 zuwa 2.1. A ƙarshen wata shida ya rage tabo mai santimita 1.1, kaluluwar ƙirji sun koma daidai, nauyinsa kilo 71. An gwada mutanen gidan, aka samu wani yaron shagonsa da ya daɗe yana tari, shi ma tibi ce, aka sa shi a magani.

Ɗan ya tambaya ko su koma a sake PET a tabbatar hasken ya mutu. Muka ce babu buƙata, domin tabon tibi yana iya ci gaba da ɗan haske watanni bayan mutum ya warke, sai a kashe kuɗi a sayo sabon tashin hankali.

Abin da nake gani bayan an gama

Ni a ganina hoton PET bai yi ƙarya ba ko a wuri ɗaya. Duk inda ya haska akwai ciwo mai rai da gaske, kuma shi ya nuna mana kaluluwar da ta warware matsalar. An dai yi masa tambayar da ba zai iya amsawa ba ne, kuma an yi ta kafin lokacinta. Amfaninsa ya fi fitowa bayan an san sunan ciwon, a ga iya inda ya kai, ko a zaɓi wurin da za a ɗebi tsoka.

Kuskuren da ya fi ci mana lokaci tun a Maris aka yi shi, kuma a wajenmu ne. An karɓi miyau a matsayin kaki, sakamako ya ce babu, aka rufe maganar tibi. Madubin gwaji sai ƙwayoyin sun kai dubbai a cikin mililita ɗaya yake ganinsu, tibin da ta dunƙule ta zama ƙullutu kuma bata cika zubo ƙwayoyi cikin kaki ba, ga lebofuloksasin da ya sha wanda shi kansa yana kashe ƙwayar tibi, shi ya sa ya ji sauƙin nan na sati uku, kuma yana iya rage abin da gwaji zai gani. Da mun tambayi sunan maganin da kyau tun ranar farko, da jin sauƙin nan ma ya zama alama. Kamata ya yi a sa shi ya shaƙi tururin ruwan gishiri don kakin ya fito daga can ƙasa, ko a leƙa huhun da na'ura a wanko, kafin a rubuta babu. Wata uku Alhaji ya ƙara yana tari a cikin iyalinsa da shagonsa saboda wannan, abin yana damuna har yanzu.

Ban kuma yarda a juya labarin nan a ce duk hasken da aka gani a huhun mutumin wannan yankin namu tibi ne ba. Na ga waɗanda aka ɗora a kan maganin tibi wata shida ba tare da hujja ba, ashe kansa ce, kafin a farga ta wuce inda za a taimaka. Da ƙullutun Alhaji bai ragu ba a wata na biyu da mun sake ɗebo tsoka, ko da na farkon ya ce babu kansa, don allura tana iya kuskure wurin.

Tabon yana nan, kuma tarihin tabarsa bai goge ba, don haka mun rubuta masa ya dawo a sake CT bayan wata shida, sannan bayan shekara. Na farkon ya zo, 1.1 ne bai motsa ba. Na biyun ɗan ya riga ya sa ranar a wayarsa.